Me za ka zuba a tankin waifa: ruwan kanti, ruwa zalla, ko sabulun wanke-wanke?

Jama'a maganar ruwan waifa nake so mu yi, don na lura yawancinmu nan Legas in tankin ya ƙare abu ɗaya muke yi, a fasa fiyo wata a zuba, sai a shiga kicin a ɗauko sabulun wanke-wanke na ruwa a tsiyaya a kai. Ni ma shekaru haka nake yi. Abin da ya sa na daina shi ne wani dare da damina ina kan Gadar Third Mainland zan koma gida Agege, ana yayyafi, wata tirela a gabana tana watso min ruwan titi haɗe da dattin gas, na ja waifa na fesa ruwa, wallahi maimakon gilashi ya washe sai ya yi fari fat, fitilun motocin ɗaya hannun suka tarwatse a kai kamar an shafa man kaɗanya. Na ɗan jima ban ganin komai sai jar fitilar tirelar, kuma gadar nan kun san ba wurin tsayawa ba ce.

To mu duba ukun da ake da su, amma sai an fara sanin irin dattin da ake wankewa. Gilashin mota a Legas ba ƙura kaɗai yake ɗauka ba. Hayaƙin danfo da tanka da janareto yana barin wani maiƙo siriri wanda da rana ba ka ganinsa, sai dare ya yi ko an fara ruwa. In kana bin hanyar Ibadan da daddare ga ƙwari suna fashewa a kai, in ka yi fakin ƙarƙashin bishiya ga kashin tsuntsu da ƙaro. Lokacin hazo kuwa, Disamba zuwa Janairu, ƙura ce mai laushi take kwanciya a kan wannan maiƙon.

Ruwa zalla yana iya wa ƙura, kuma gaskiya ya fi ka ja waifa a busasshen gilashi nesa ba kusa ba, don yashi tsakanin roba da gilashi shi ke kawo zanen nan mai lanƙwasa da ba ya goguwa. Amma ruwa ba ya narkar da mai. Waifa za ta yi ta kai maiƙon hagu da dama ne kawai. Sannan wane ruwan? Na bohol a wasu unguwanni, musamman ɓangaren Lekki da Ajah, yana da ƙarfe da gishiri, duba yadda yake mayar da bokiti da tayil ja. Abin da yake yi wa bokiti shi zai yi wa tanki da ƴan ramukan da ke fesa ruwan, waɗanda bakinsu bai fi tsinin allura ba. Kuma ruwa in ya daɗe a tanki cikin zafin inji yana yin yauƙi da wari, wani lokaci kana fesawa za ka ji warin ya shigo ta esi. Don haka in ruwa zalla za ka zuba, zuba fiyo wata ko ruwan batir wanda aka tace ba mai asid ba, kar na rijiya ko bohol.

Yanzu sabulun wanke-wanke, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Mutum zai ce ai shi ma maiƙo yake cirewa, kwanon miya ma yana wankewa balle gilashi. Haka ne, amma ka tuna yadda ake wanke kwano: a saɓa, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa har santsin ya fita. A gilashin mota wa zai ɗauraye maka? Ruwan da ka fesa shi ne na wanki shi ne na ɗauraya, waifa ta share sama-sama, sauran ya bushe a wurin. Wannan sauran shi ne farin da na gani a kan gada. Kuma an yi sabulun ne takanas ya yi kumfa mai daɗewa don masu wanke-wanke suna son ganin kumfa, kai kuma da kake gudu kumfar daƙiƙa biyu ma ta yi maka yawa.

Ɓarnarsa ba ta tsaya a gani ba. Sabulun yana da kauri, da yawa daga cikinsu da gishiri ake kaurara su, in ya zauna a tanki ya haɗu da ruwa mai ƙarfe sai ya zama wani abu kamar koko ya kwanta a ƙasa, daidai inda ɗan moton famfo yake zuƙo ruwa. Wanda ya gangara ta gefen gilashi kuma yana cinye folish ɗin fenti, shi ya sa za ka ga wasu motoci da layi-layi a gefen rufi da saman ƙofa. Robar waifa ma in ta daɗe tana shan sa takan bushe ta fara ƙugi tana tsalle. Omo kuwa ya fi muni, garin ba ya narkewa duka kuma ya fi zafi, kar ma a fara. Yaran da ke wanke gilashi a go-sulo ma yawanci ruwan sabulu ne a gorarsu, ba laifinsu ba ne neman abinci suke, amma in sun wanke maka ka fesa naka ka share kafin ya bushe.

Bayan abin gadar da kamar sati biyu sai feshin ya mutu gaba ɗaya, in na ja sanda ina jin moton yana ƙara zuuu amma ɓangaren direba ɗigo yake yi kawai. Na kai wa bakaniken da nake zuwa wurinsa, wani dattijo mutumin Kano da muke ce wa Baba. Yana buɗe murfin ya leƙa ya ce, "Ɗana sabulu kake zubawa ko?" Na ce eh Baba. Ya ce to ai tunda moto yana kuka ba fis ba ne ba wuta ba ce, hanya ce ta toshe. Wannan ku riƙe shi, yana rage wahala: in ba ƙara sam, a duba fis da waya da moton. In akwai ƙara ba ruwa, ko tanki ya ƙare, ko tiyo ya fita, ko toshewa. Kuma kar ka yi ta danna shi ba ruwa, moton ƙarami ne yana iya ƙonewa.

Abin da ya yi ba wani mai tsada ba ne. Ya zare moton daga jikin tankin, a motata sai an ɗan buɗe robar cikin taya ta gaba kafin a kai gare shi, ruwan ya zube, ga ƴar rariyar da ke bakin robar ta cika da yauƙi mai toka-toka. Ya wanke ta, ya ɗura wa tankin ruwan ɗumi sau uku har ya daina kumfa, ya cire tiyo daga ƴan ramukan feshi ya hura iska ta baya, sannan ya sa siririn allura ya buɗe su a hankali. Ya ce min motocin da ke fesa ruwa a baje kamar raɓa ba a cusa musu allura, ana ɓata su ne, wankewa ake ko a canza. Daga ƙarshe ya sa na wanke gilashin da hannu da ruwan goge gilashi, na goge bakin robar waifa da tsumma mai laima, baƙin da ya fito sai ka gani. In ba ka yi wannan ba ko ruwan kanti mafi tsada ka zuba, tsohon santsin yana nan.

Shi ruwan kantin me ke cikinsa? Yawancinsa ruwa ne, sai sinadarin wanki kaɗan irin wanda ba ya kumfa sosai, sai alkohol wanda ke narkar da maiƙo kuma ya sa abin ya bushe da sauri ba tare da ya bar tabo ba, sai kala. Bambancin ke nan, an yi shi ne don a fesa a share a wuce ba ɗauraya. Za ka same shi a gidajen mai, manyan kantuna, da kasuwar kayan mota ta Ladipo, kuma iri biyu ne. Akwai haɗaɗɗe wanda kai tsaye za ka tuttula, akwai mai ƙarfi a ƙaramar gora wanda sai an sirka. Ni mai ƙarfin nake saye don ba dalilin da zan biya kuɗin ruwa, amma ka karanta awon da ke jikin gorar don ba ɗaya suke ba. Misali in an rubuta 1:10, kashi ɗaya ne nasa goma na ruwa, ke nan fiyo wata 6 lita 3 ce, sai ka zuba masa mililita 300. Tankin ƙananan motoci da yawa bai wuce lita 3 zuwa 4 ba. Da wannan lissafin za ka gane mai arha, kar ka duba kuɗin gora, duba lita nawa za ta haɗa maka. Kuma kar ka ce bari in ƙara don ya fi wankewa, in ya yi yawa shi ma yana barin zane.

Wani abu da ke cin kuɗin mutane a banza: gorar da aka rubuta -20°C ko makamancin haka a jiki. Wannan na ƙasashen sanyi ne, an cika masa alkohol don kar ya daskare. Zai yi aiki, amma mu a Legas me zai daskare? In ya fi tsada bar shi, nemi na lokacin zafi, musamman wanda aka ce yana cire ƙwari in kana yawan tafiyar dare zuwa Arewa. Irin na sanyin nan kuma sau da yawa metanol ne a ciki, wanda guba ne, kaɗan ma in an sha yana iya makantar da mutum ko ya kashe. Don Allah masu yara, kalarsa shuɗi ko kore kamar lemo take, kar a juye shi a gorar lemo ko ta ruwa, a bar shi a gorarsa a but ko wurin da hannun yaro ba ya kai.

Na jabu kuma akwai, ruwa ne da kala da ɗan sabulu. Kafin ka biya duba murfin ko a liƙe yake, duba ko an rubuta abin da ke ciki da awon sirki, sannan girgiza gorar. Na kirki kumfarsa tana kwanciya nan da nan, in ta tsaya tsam kamar ta wanke-wanke mayar masa da kayansa. In ka kai gida dangwala yatsa mai maiƙo a madubi ka goge da shi, ya kamata ya fita ya bushe ba hazo.

In ka buɗe bonet nemi murfin da ke da hoton gilashi da ruwa yana tashi, galibi shuɗi ne ko baƙi, kar ka rikita shi da tankin ruwan lagireto, kuma ruwan lagireto ba ya shiga tankin waifa, yana ɓata fenti yana kuma shafe gilashi. In da sabulu a tankinka yanzu kar ka zuba sabon a kansa, haɗuwarsu na iya kawo yauƙin nan, sai ka zubar ka ɗauraye tukuna. Ranar da kuma ruwa ya ƙare maka a hanya, a ce wajen Berger ko Kara ba kanti kusa, sayi fiyo wata biyu ka zuba zalla, in ka isa gida ka ƙara masa mai ƙarfin daidai awo.