Wane kayan aiki za a fara saya domin hotunan da ke rakiyar muryar mai ba da labari?

Wanda zai shirya ɗan gajeren fim a kan telan da ke surfani a wani shago a Jidda yana buƙatar hotunan da za su riƙa gudana yayin da murya ke bayani: allura tana shiga yadi, zare yana warwarewa, almakashi yana bin layin alli. Idan kowane hoto zai zauna daƙiƙa 4 zuwa 5, to bayanin minti 1 zai ci hotuna 12 zuwa 15, kuma ya kamata a ɗauki kowanne na aƙalla daƙiƙa 10 domin mai tacewa ya sami wurin yanka.

Mai wayar hannu da kuɗinsa bai wuce sayen abu ɗaya ba yakan tsaya tsakanin gimbal, wato mariƙin hannu mai hana hoto girgiza, da mariƙi mai ƙafa uku, da sabuwar kyamara. Gimbal ya fi jan ido, amma an yi shi ne domin bin mai tafiya, alhali tela a zaune yake, hannunsa ne kawai ke motsi. Idan aka matsa kusa da allura, ɗan lilon da gimbal ke yi sai ya fito ƙarara, shagon kuma yawanci ba shi da filin zagayawa. A ganina mai ƙafa uku ne ya cancanci kuɗin farko, musamman wanda ke iya sunkuyar da waya ta kalli tebur daga sama. Kafin a biya, a ɗora masa wayar a shagon mai sayarwa, a sunkuyar da kansa, a ƙulle, a ga ko zai zame a hankali, domin nan ne masu araha ke gazawa.

Sabuwar kyamara tana biyan kuɗinta ne idan shagon na da duhu, ko kuma idan wayar ba ta iya fito da zare tas daga kusa. Wannan ma ana gwadawa: a matso da wayar kan ɗinkin hula har hoton ya dushe, a lura da tazarar.

Ko waya ce ko kyamara, kada a sayi wadda ba ta bari a saita saurin shata da hannu, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam. Wutar lantarkin Saudiyya tana kan 60 Hz, saboda haka fitilun shago na iya sa hoto ya riƙa ƙyaftawa ko ya yi ratsi-ratsi idan ba a ɗauka a firam 30 cikin daƙiƙa da shata 1/60 ba. A Sudan, inda take 50 Hz, sai a koma 25 da 1/50. Ɗauka a 4K, wato girman hoto da ya fi 1080p, kuwa tana ba da damar fitar da hoton kusa daga na nesa idan za a kammala fim ɗin a 1080p, sai dai tana saurin zafafa waya, don haka a yanayin Jidda gara a ɗauka guntu-guntu.