Sharhi kan Remove Tool na Photoshop: cire baƙo da tarkace a bayan amarya da ango

Mafi yawan hotunan dina da kamu da ake kawo mana gyara a nan Gombe matsalarsu iri ɗaya ce: amarya da ango sun fito tsaf, amma a bayansu ga wani tsaye da waya yana ɗaukar nasa, ga kujerun roba a kife, ga ledojin ruwa a ƙasa. Na yi aiki da Remove Tool, wanda Adobe suka saka a Photoshop a 2023, a kan irin waɗannan hotuna, kuma hukuncina shi ne: a kan tarkace ba shi da na biyu, amma da zarar jikin baƙon ya taɓa kayan amarya, kada a sakar masa aikin shi kaɗai.

Mu ɗauki hoto guda. An ɗauke shi da dare a wani ɗakin taro a Tumfure, da filasha, girmansa fiksel 6000 da 4000. Amarya na sanye da leshi da mayafi shara-shara, ango da babbar riga ta shadda. A baya akwai labulen ado fari, ƙasa kuma tayil ne mai sheƙi. Abin da ake so a cire uku ne: robar ruwa biyu a ƙasa, wayar lasifika da ta ratsa gefen labule, da wani mutum mai koren kaftani wanda rabin jikinsa ya ɓuya a bayan kafaɗar amarya.

Kafin komai, a nemi asalin hoton daga mai kyamara. Wanda aka tura ta WhatsApp yadda aka saba an riga an matse shi, tsawonsa kan dawo kusan fiksel 1600, kuma gefen mayafi ya riga ya dagule tun kafin a taɓa shi. A ce a turo shi a matsayin Document, ko a kawo katin kyamarar.

Robar ruwa da waya ba su da wahala. A buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗa ta daban a saman hoton, da Ctrl+Shift+N, a zaɓi Remove Tool, a kunna Sample all layers a sama, don gyaran ya zauna a leyarsa daban, asalin hoto yana nan ba a taɓa shi ba. Burushin ya ɗan fi abin da za a cire faɗi, a shafe shi har da inuwarsa. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: a cire roba a bar inuwarta, ko a bar hotonta da ke haskowa a cikin tayil. Mai kallo zai ji akwai abin da bai zauna ba ko da bai gane mene ne ba. Layin da ke tsakanin tayil kuwa, wannan kayan aiki yana haɗa shi daidai fiye da Spot Healing Brush, wanda kan karya layi ya bar shi a karkace. Duk wannan aikin minti biyu ne.

Mai koren kaftani shi ne ainihin aikin. Idan aka shafe shi gaba ɗaya a bugu guda, burushi dole ya hau kan gefen mayafi, kuma manhajar ba ta san inda mayafi ya ƙare labule ya fara ba, tunda dukansu farare ne. Sai ta ƙirƙiro abin da take zato: kafaɗar amarya ta ɗan kumbura, ko furen leshin ya narke ya zama kamar an goga masa man shafawa. A fuskar waya ba a gani. A firem mai inci 16 da 20 a bangon falo, ƙawayen amarya za su gani, domin sun san yadda leshin nan yake.

Maganinsa a yi wa amarya shinge tukuna. A koma leyar asalin hoto, a zaɓe ta da Select > Subject, a gyara gefen mayafi da na ɗauri a Select and Mask, sannan a danna Ctrl+J daga kan asalin hoto, a ɗora wannan kwafin nata a saman duka leyoyi. Yanzu duk abin da aka yi a ƙasa ba zai ci gefenta ba. Sai a koma leyar gyara, a cire alamar Remove after each stroke, a shafe mutumin daga hula zuwa takalmi, a ɗan shiga ƙarƙashin kafaɗar amarya da kamar fiksel 15 zuwa 20, sannan a danna Enter. Dalilin kashe wancan zaɓi shi ne, idan ana cirewa gutsure-gutsure, manhajar kan ɗauko launin kaftanin da ya rage ta cike gurbin da shi, sai ka ga kore-kore yana dawowa.

Akwai abin da ke saura wanda kayan aikin ba ya gani sam. Mayafi shara-shara ne, don haka koren kaftanin yana nan yana lekowa ta cikinsa, a leyar amarya da muka ɗora a sama. Mutum ya tafi, launinsa bai tafi ba. A nan sai hannu: a sa Hue/Saturation a maƙale shi da leyar amarya kawai, a zaɓi Greens, a rage Saturation har koren ya mutu, a ɗan ƙara Lightness ya yi daidai da farin labule. Idan leshin kansa yana da kore, a yi amfani da mask a taƙaita gyaran a wurin kafaɗar. Wannan shi ya fi cin lokaci, kuma shi ne ke bambanta aikin gwani da na gaggawa.

Daga nan a kusanto da hoton zuwa 100% a duba abu biyu. Na farko ninkin labule: idan ninki ɗaya ya maimaita kansa sau biyu ko uku a jere, a karya shi da Clone Stamp, ana ɗauko wuri daban da Alt. Na biyu tsakin hoto. Hoton dare da aka ɗauka da ISO mai yawa yana da ɗan burtsi-burtsi, wurin da aka cike kuma yakan fito sumul fiye da kewayensa. Filter > Noise > Add Noise, kashi 1 zuwa 2, Gaussian, da Monochromatic a kunne, yakan daidaita su.

Sababbin fitowar Photoshop daga 2024 suna da Find distractions a cikin Remove Tool, mai nemo mutanen baya da kansa. Yana da amfani a fili, amma a taron biki a duba wanda ya yi wa alama kafin a amince. Mu ma masu gyara haka ne: a tambayi masu hoto tukuna, don wanda ka ɗauka ɗan gayyar soɗi ne yana iya zama kawun ango da ya taso tun daga Dukku.

Inda ba na ba da shawarar amfani da Remove Tool kwata-kwata shi ne idan baƙon ya rufe wani abu mai tsari da aka sani, kamar sunan ma'aurata a allon ado, aikin wuyan rigar wani babban baƙo, ko lallen hannun wata ƙawa. Manhaja ba za ta dawo da abin da kyamara ba ta gani ba, sai dai ta ƙaga. Mai kyamara yakan ɗauki uku ko huɗu a jere a tsayuwa ɗaya, don haka a nemi na kusa da shi inda mutumin ya gusa. A ɗora su biyun a fayil ɗaya, a yi Edit > Auto-Align Layers, a buɗe wurin da mask. Labulen gaske ne, hasken gaske ne, kuma sau da yawa ya fi sauri.

Kuɗin Photoshop na wata-wata ne, kuma yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. A tsohuwa mai RAM 8GB ana jira bayan kowane bugu a hoto mai wannan girma. Ga mai sutudiyo da ke haɗa albam, ya cancanci kuɗinsa. Wanda kuwa hoto ɗaya zai sa a status, kuma tarkacen bai taɓa jikin kowa ba, Magic Eraser na Google Photos da ke wayarsa ya ishe shi.