Kafin ka sayi modam ko ka ja fiba a Garwa, auna waɗannan lambobi uku

Mai shago zai nuna maka mega nawa layinsa ke ja, amma kiran murya bai cika cin ko kashi ɗaya cikin goma na mega ɗaya a sakan ba, wasan intanet ma ɗan kaɗan yake ci. Abin da ke sa murya ta riƙa yankewa, ko ɗan wasanka ya daskare ya farfaɗo a wani wuri, yana cikin lambobi uku da za ka gani a allo: ping, jitter da packet loss.

Ping shi ne lokacin da ɗan ƙunshin saƙo ke ɗauka ya je saba, wato kwamfutar da ke can ɗaya ɓangaren, ya dawo, ana ƙirga shi da milisakan, wato ms. Wani kaso nasa nisa ne tsantsa, kuɗi ba ya rage shi. Haske a cikin fiba yana cin kusan milisakan ɗaya a kowane kilomita 100, zuwa da dawowa. Daga Garwa sai saƙon ya gangara kudu zuwa gaɓar teku, inda wayoyin ƙarƙashin ruwa ke sauka a Duwala, Limbe da Kiribi, sannan ya nufi Turai in can sabar wasan take. Saboda haka ganin 120 ko 150 zuwa Faransa ba laifin layi ba ne. Tasa mai kallon tauraron da ke tsaye a kilomita 35,786 kuwa takan ba da wajen 600, mai wasan harbi ya manta da ita.

Jitter ne ya fi yaudarar mai saye, domin shi ne yadda ping ke tangal-tangal. A kira, murya na tafiya gutsure-gutsure, yawanci guda 50 a sakan. Wayar mai sauraro takan ɗan riƙe su ta jera su. Wanda ya makara ya wuce wannan ɗan jiran, zubar da shi ake yi ko da ya iso. Shi ya sa ake son jitter ƙasa da 30. Packet loss kuma ƙunshin da ya ɓata ɗungurungum ne, ya haura kashi 1 cikin ɗari kunne ya fara ji.

Ka roƙi aron sim ɗin ko modam ɗin, ko ka je gidan maƙwabcin da ke da irinsa, ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, a kwamfuta mai Windows, ka buga wannan:

```
ping -n 100 8.8.8.8
```

In kwamfutar da Faransanci take, duba perte, wato abin da ya ɓata, da Minimum, Maximum da Moyenne, wato matsakaici, a ƙarshe. Wannan adireshin ba sabar wasanka ba ne, don haka lambar cikin wasa za ta bambanta, amma ya isa a gwada layi da layi.

A ce ka auna biyu. Na farko ya ba da Moyenne 140, Minimum 132, Maximum 155, perte 0%. Na biyu ya ba da Moyenne 95, Minimum 60, Maximum 480, perte 4%. Ido zai fi son 95, amma na farkon za ka saya. Tazarar 23 kacal ke tsakanin ƙasa da samansa, hannunka zai saba da jinkirin, kira kuma zai tafi sumul. Na biyun yana zubar da gutsuren murya biyu a kowane sakan, ga tsallen da ke kaiwa kusan rabin sakan, lokacin ne za ka ji ana ta "alo, kana ji na?"

Kada ka auna da hantsi kawai. Eriyar 4G rabawa ake yi tsakanin duk 'yan unguwa, layin da ya yi kyau da safe yakan lalace bayan sallar isha'i, kowa ya kwanta yana kallon bidiyo. Nan ne fiba ta fi, in ta iso unguwarku: lambobinta ba su cika motsi ba. Matsalarta sai in an sare wayar wurin aikin hanya, ko an ɗauke wuta akwatin da ke raba intanet a gida ya mutu, don haka a haɗa da ƙaramin batir. In ba fiba, modam mai ramin eriyar waje ya fi ɗan na aljihu, musamman a gidan bulo mai rufin kwano.

Kafin ka zargi kamfani, buga ping ɗin zuwa akwatin gidanka, sau da yawa 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ta kebul ya kamata ya tsaya a 1 zuwa 2. In yana tsalle zuwa 80 ta Wi-Fi, ciwon a cikin gida yake, kebul na mita goma ko komawa Wi-Fi na 5 GHz zai magance shi, ba sabon sim ba. Sannan ka sake gwajin yayin da wani ke tura bidiyo a WhatsApp. In ping ya tashi daga 140 zuwa 900, akwatin ne ke tara saƙonni a layi, sai ka nemi wanda ke da SQM ko QoS a saitinsa, wato tsarin daidaita cunkoson saƙonni, ka ƙayyade turawa a kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙarfin layin.