Farashi Hawa Biyu ko Hawa Uku: Abin da Ya Kamata Mai Sana'a Ya Duba Kafin Ya Zaɓa

Duk mai sana'ar da ke karɓar kuɗin wata-wata a Katsina, ko mai wanki da guga ne ko mai sayar da intanet ga maƙwabta, wata rana zai yi shawarar yadda zai jera farashinsa: ya tsaya a hawa biyu, ƙarami da babba, ko kuwa ya yi hawa uku domin a samu na tsakiya. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a yi uku, wai saboda na tsakiya ne ya fi shiga. Maganar tana da tushe, amma ban yarda a ɗauke ta ido rufe ba, domin yawan ciniki daban ne, riba kuma daban.

Dalilin da ya sa na tsakiya ke shiga ba ɓoyayye ba ne. Mai saye da bai san ainihin buƙatarsa ba yana tsoron abu biyu, wato ya ɗauki ƙarami ya gaza masa, ko ya ɗauki babba ya yi asarar kuɗi, sai ya ga na tsakiya ne zaɓin da zai iya karewa idan maiɗakinsa ko abokin kasuwancinsa ya tambaye shi dalili. A shekarar 1992 masana biyu, Itamar Simonson da Amos Tversky, sun wallafa gwajin da suka yi da kyamarorin Minolta. Da aka nuna wa mutane kyamara biyu, ta kusan dala 170 da ta kusan dala 240, sai suka rabu rabi da rabi. Da aka ƙara ta uku mai kusan dala 470, sai masu ɗaukar ta dala 240 suka kai kashi 57 cikin ɗari, alhali ba a canja mata komai ba. Zamanta a tsakiya kawai ya ƙara mata farin jini. Sai dai wannan yana aiki ne a kan wanda ke shakka. Wanda ya riga ya san adadin kayan da gidansa ke tarawa a wata ba ya ruɗuwa da jeri.

Mu ɗauki misali na ƙiyasi, domin lissafin ya fito fili. A ce mai wanki da guga a wajen Ƙofar Ƙaura yana da hawa biyu. Ƙarami kaya 20 a wata kan naira 6,000, matsakaici kaya 40 kan naira 10,000. Idan kowane kaya yana cin naira 180 na sabulu, sitaci, gawayi da ladan yara, ribar ƙarami ita ce 2,400, ta matsakaici kuma 2,800. Cikin mutum 100 da suka yi rajista, 60 sun ɗauki ƙarami, 40 sun ɗauki matsakaici, jimillar riba naira 256,000 ke nan.

Sai ya ƙara hawa na uku, kaya 80 kan naira 18,000, a zo gida a ɗauka a kuma mayar. Wankin zai ci 14,400, man babur na kai da kawowa a ce 1,600, ribar ta tsaya a 2,000. Cikin sababbin mutum 100, a ce 35 sun ɗauki ƙarami, 52 matsakaici, 13 babba.

Abu na farko da za a duba a littafin ciniki shi ne ko da gaske zuwan babban ne ya ja mutane sama. Hanyar ita ce a ajiye masu babban a gefe, a kwatanta tsofaffin hawa biyun kaɗai. Da farko matsakaici yana da 40 cikin 100. Yanzu yana da 52 cikin 87, wato kusan kashi 60 cikin ɗari. Da a ce babban ya kwashi mutanensa ne kawai daga masu matsakaici, da wannan kason ya sauka. Tashinsa ne ke nuna cewa wasu da da za su tsaya a ƙarami sun matsa sama. Wanda ke rubuta cinikinsa a Excel, da sunan hawa a layin B da riba a layin D, zai iya ƙirgawa haka:

```
=COUNTIF(B:B,"Matsakaici")
=SUMIF(B:B,"Matsakaici",D:D)
```

Abu na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci. Masu ƙarami 35 sun kawo ribar 84,000, masu matsakaici 52 sun kawo 145,600, masu babba 13 sun kawo 26,000, jimilla 255,600. Kuɗin da ke shiga hannu ya ƙaru daga 760,000 zuwa 964,000, kayan wanki sun taru, yara sun ƙara wahala, amma riba tana nan inda take, har da ɗan raguwa. Sababin kuwa shi ne tazarar riba tsakanin ƙarami da matsakaici naira 400 ce kacal, babban kuma an yi masa rangwamen da ya sa ya fi kowa ƙarancin riba. Gyaran yana nan a farashi: idan aka kai babban naira 20,000 kuma mutum 13 ɗin suka tsaya, ribarsa ta ninka, jimillar ta haura 281,000. Ko da wasunsu sun sauko matsakaici, ba a yi asara ba, domin 2,800 ta fi 2,000 da suke kawowa a da.

Kafin a gaskata waɗannan alƙaluma, dole a tabbatar kwatancen na adalci ne. Idan aka ƙirga hawa biyu a damina, aka ƙirga hawa uku a makon jajiberin Sallah, lokacin da kowane gida ke fito da manyan riguna da shaddoji, to Sallah aka auna. Abin da ya fi shi ne a riƙa musanya takardar farashi mako-mako ga sababbin masu zuwa, mako ɗaya mai hawa biyu, mako ɗaya mai uku, har a tara aƙalla mutum ɗari a kowane ɓangare, domin bambancin mutum biyar cikin talatin sa'a ma tana iya kawo shi. A kuma rubuta waɗanda suka tambayi farashi suka tafi ba su saya ba, saboda ganin 18,000 a takarda yana iya sa wani ya ɗauka shagon ya fi ƙarfinsa. Yaron da ke kan kanta shi ma a lura da bakinsa, domin idan kullum yana cewa "Alhaji, wannan na tsakiyar kowa ke ɗauka," to aikinsa ne ake gani a littafi.

Sannan a jira wata na biyu da na uku. Idan yawancin masu matsakaici suna kawo kaya 18 ko 22 a wata, sun sayi abin da ya fi buƙatarsu, kuma da zarar sun gane za su sauko ƙarami ko su bar shagon da jin an ci da guminsu. Idan kuwa suna kawo 30 zuwa 40 kuma suna sabuntawa, hawan ya dace da su.

Saboda haka, hawa biyu ya fi dacewa da wanda abokan cinikinsa suka san buƙatarsu, ko wanda ba shi da babur da yaran da za su cika alƙawarin babban hawa. Hawa uku ya dace da wanda ke samun sababbin mutane masu shakka, da sharaɗin cewa ribar matsakaici ta ɗara ta ƙarami sosai, kuma babban ya zama abin da gida mai mata da yara da yawa zai saya ya amfana, shagon kuma ya iya yi masa hidimar a kan kari ba tare da ya ci uwar kuɗi ba.