Sharhi kan awon jinin Hajiya a wani lab na Sabon Gari, da bayanin da aka yi mana a kan takardar

Tun bayan ƙaramar salla mahaifiyata take kukan kasala da jiri, har ta kai ga in ta yi sharar tsakar gida sai ta zauna ta huta sau biyu kafin ta gama. Likitan da ke duba ta saboda hawan jini ya rubuta mata awon jini iri uku, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, da awon aikin ƙoda, da na sukari kafin karin kumallo. Da yake daga Tudun Wada muke, kuma layin babban asibiti yakan cinye wuni guda, sai na kai ta wani lab mai zaman kansa a Sabon Gari. An ɗebi jinin da misalin ƙarfe takwas na safe, aka ce in dawo bayan azahar.

Wurin yana da tsabta, an buɗe sabuwar allura a gabanmu, kuma an rubuta sunanta a jikin kwalaben tun kafin ta tashi daga kujera. Sai dai matashiyar da ta ɗebi jinin ta sha wahala kafin ta sami jijiya, ta bar igiyar roba ɗaure a damtsen Hajiya tsawon lokaci, tana ce mata ta riƙa dunƙule hannu tana buɗewa, sannan ta ja jinin da ƙarfi ta siririyar allura. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Da na karɓi takardar, sai na ga layi biyar da aka yi wa alama. Kowane layi yana da sunan abin da aka auna, da adadin da aka samu, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, sai kuma wani sashe a gefe mai taken Reference Range, inda aka rubuta adadi biyu, na ƙasa da na sama. Harafin L, mai nuna an gaza adadin ƙasa, yana gaban huɗu: Hb 9.4 g/dL, da PCV 29%, da MCV 71 fL, da WBC 3.7. Harafin H kuma, mai nuna an wuce adadin sama, yana gaban guda ɗaya, wato K 5.8 mmol/L. Wanda ya miƙo mini takardar ta taga bai ce uffan ba, kuma wannan shi ne ƙorafina na farko, domin da ban buɗe baki na tambaya ba, da haka zan koma gida da alamomi biyar da zullumi. Da na tambaya, sai aka shigar da mu wurin babban masanin lab ɗin, wani dattijo mai furfura a gemu, wanda ya ba mu kusan minti ashirin ba tare da an ƙara mana ko kwabo ba.

Ya fara da ma'anar adadin nan biyu. Ya ce ana samun su ne ta hanyar auna mutane masu yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau, sannan a ɗauki kashi 95 cikin ɗari da ke tsakiya a ce nan ne iyakar da aka saba gani. Ke nan tun daga tushe an san cewa mutum ɗaya cikin kowane ashirin masu lafiya zai faɗa waje, ko ta sama ko ta ƙasa. Idan kuwa takarda ɗaya ta ƙunshi abubuwa ashirin, to ya fi kusa a sami alama ko da guda ɗaya a kan a rasa, ko da mai jinin ba ya fama da komai. Na'ura ce ke buga H da L, kuma ita ba ta san shekarun mutum da maganin da yake sha da abin da ya kawo shi ba. Haka kuma iyakokin kan ɗan bambanta daga lab zuwa lab saboda bambancin na'ura, don haka da iyakar da ke kan takardar ake kwatanta sakamako, ba da ta wata tsohuwar takarda daga wani wuri ba.

Daga nan ya sa biro a kan WBC, wato yawan fararen ƙwayoyin jini. Iyakar da aka buga ita ce 4.0 zuwa 11.0, na Hajiya kuma 3.7. Ya ce wannan ita ce alamar da ta fi ƙarancin damunsa, domin da yawa daga mutanen Afirka ta Yamma suna da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyi bisa halitta ba tare da wata cuta ba, alhali iyakokin da ke zuwa cikin na'urori galibi an tsara su ne daga wasu al'ummomi. Tun da ba ta zazzaɓi kuma ba ta yawan kamuwa da cututtuka, likita zai lura da shi kawai a sake dubawa nan gaba. Ni kuwa wannan layin ne ya fi tayar mini da hankali tun da farko, saboda na taɓa jin ana danganta fararen ƙwayoyi da sankarar jini.

Wanda ya sa shi gyara zama shi ne K, wato fotasiyam. Iyakarsa 3.5 zuwa 5.0 ce, kuma ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa idan da gaske ya hau, yana iya rikita bugun zuciya, don haka ba abin da ake bari ya kwana ba ne. Amma ya nuna mini layin da ke ƙasa, na kiriyatinin, wanda ke nuna yadda ƙoda take tace jini: 78 µmol/L, babu alama. Ƙoda ce ke fitar da rarar fotasiyam, saboda haka hawansa tare da lafiyayyar ƙoda abin tuhuma ne. Ya juya wurin mahaifiyata ya ce, "Hajiya, wane maganin hawan jini kike sha?" Ta ciro kwalin daga jaka ta miƙa masa tana cewa, "Ga shi nan, Malam, ni ban san sunansa ba." Amlodifin ne, wanda ba ya cikin magungunan da aka sani da ɗaga fotasiyam, saɓanin irin su lisinofiril.

Sai ya aika aka ɗauko kwalbar jinin, ya ɗaga ta saitin taga. Ruwan da ke saman jinin, wanda ya kamata ya kasance rawaya-rawaya kamar ruwan kara, ya yi ja-ja kamar an tsarma zoɓo. Ya ce jajayen ƙwayoyin ne suka farfashe lokacin ɗiba, kuma da yake mafi yawan fotasiyam na jiki a cikin ƙwayoyi yake zaune, da zarar sun fashe sai ya kwararo cikin ruwan, na'ura ta karanta adadin da babu shi a jikin mutum. Daɗewar igiya a damtse, da dunƙule hannu akai-akai, da jan jini da ƙarfi, duk suna jawo haka. Nan take ya ɗebi wani da hannunsa, bayan awa guda sakamako ya fito 4.3. Na yaba da gaskiyarsa, amma wannan shi ne babban laifin da na gani a wurin: jinin da ya lalace har ido yana gani bai kamata a auna shi a buga sakamako a miƙa wa mutum ba tare da ko rubutu a gefe ba. Da takardar farko muka kai wa likita, wataƙila da an kwantar da tsohuwa a banza.

Sauran alamomin uku, ya ce, labari ɗaya suke bayarwa, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo mu. Hb shi ne sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran ƙasa da 12 g/dL ƙarancin jini ga mace baliga marar ciki, ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 11 ga mai juna biyu. PCV, wanda mutanenmu suka fi sani, kason da jajayen ƙwayoyi suka cike ne a cikin jini, kuma yakan kai kusan ninki uku na Hb, shi ya sa 9.4 da 29 suka dace da juna. MCV kuwa girman ƙwayar ne, iyakarsa 80 zuwa 100, na Hajiya 71. Ƙarancin jini tare da ƙananan ƙwayoyi ya fi nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko da yake akwai wani yanayi na gado da ke ba da irin wannan hoto. A nan ya ajiye biro ya ce iyakar aikinsa ke nan, gano dalili na likita ne, kuma kada mu tsaya kemis mu sayi maganin ƙarin jini kafin mu gan shi. Hujjarsa ita ce, macen da ta daina al'ada idan ƙarfen jikinta ya ƙare, dole a tambayi ta ina jinin yake zurarewa, kuma sau da yawa ta ciki ne.

Kafin mu tashi na yi masa tambaya kan sukari, domin an rubuta 5.4, alhali ɗan na'urar da muke da ita a gida takan nuna casa'in da wani abu. Ya ce ma'auni ne ya bambanta: lab ɗin yana amfani da mmol/L, na'urar gida kuma mg/dL, kuma idan aka ninka na farko sau 18 sai a sami na biyu, wato kusan 97. Ciwon sukari ana fara maganarsa ne daga 7.0 mmol/L, daidai da 126 mg/dL, kafin karin kumallo.

Washegari likita ya karanta takardun biyu, ya tambayi Hajiya ko tana shan wani abu bayan maganin da ya rubuta. Sai ga shi ta fi shekara tana shan dikulofenak saboda ciwon gwiwa, wani lokaci ma kafin ta ci komai, kuma ba ta taɓa faɗa mana ba domin a wurinta wannan ba magani ba ne, ɗan abin rage ciwo ne. Irin wannan magani yana iya ƙuje bangon ciki ya riƙa zubar da jini kaɗan-kaɗan. Ya hana ta shi, ya tura mu awon bayan gida da na feritin, wato ma'ajiyar ƙarfe ta jiki, wanda ya fito 8 µg/L, ƙasa da 15 da ake ɗauka a matsayin ƙarewar ajiya. Ya rubuta ƙwayar ƙarfe da maganin kare ciki, ya ce kada ta haɗa ƙwayar da shayi domin yana rage shigarta jiki, sannan ya ba mu takardar zuwa a leƙa cikin da kyamara a asibitin koyarwa da ke Shika.

Bayan mako shida mun koma lab ɗin nan, domin a kwatanta sakamako da na'ura ɗaya. Wannan karon na roƙi dattijon ya ɗebi jinin da kansa, bai kuwa yi musu ba. Hb ya hau zuwa 11.2, har yanzu da L a gabansa, MCV ya kai 76, WBC kuma yana nan a 3.8. Zan ci gaba da kai ta can, amma duk wanda zai je ya nemi ganin masanin lab ɗin kafin ya bar harabar, domin a taga takarda kawai ake miƙawa.