Wa Za Ka Ba Aikin Taƙaita Rahotonka?

A ce ƙungiyarku ta kammala bincike mai shafi 80 kan lalacewar rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka 12, kuma Babban Sakatare zai duba shi a mota kafin ya shiga taro. Shafi biyun farko kaɗai zai karanta. To, wa zai rubuta su?

Mafi araha shi ne mai binciken ya rubuta da kansa. Shi ya san kan alƙalumansa, ba zai kuskure su ba. Matsalarsa ita ce ya sha wuyar aikin, don haka komai yana da daraja a idonsa. Sai ka ga ya bi babi-babi: gabatarwa, hanyar bincike, yawan mutanen da aka tambaya, shawarar da ake nema kuwa tana can ƙasan shafi na shida. Alamar wannan cuta a fili take, jimlar farko takan soma da "Wannan rahoto ya yi nazari a kan..."

Akwai kuma ɗaukar edita ko ɗan jarida daga waje. Rubutunsa zai yi santsi, kuma ya iya sa labari a gaba. Amma a nan na fi jin tsoro. Wajen gyara jimla yakan yar da sharaɗi. Rahoto ya ce "a ƙauyuka 12 da muka ziyarta lokacin rani", shi kuma ya mayar da shi "a faɗin jihar". Kalmomi kaɗan ya cire, amma ranar da wani darakta ya gano, rahoton duka ya zube, kuma sunanku ne a bango, ba nasa ba.

Ni dai na fi son a haɗa su, ko da kuɗin ya ɗan ƙaru. Edita ya zauna da mai bincike na rabin awa, ya tambaye shi abu uku: me kake so a yanke, nawa zai ci, me zai faru in an bari? Da amsoshin zai buɗe, misali: "Muna ba da shawarar a ware kuɗin gyara kafin a haƙa sababbi." Hujjoji uku ko huɗu su biyo baya, kowanne da lambar shafin da ya fito. Daga nan mai bincike ya bi kowane adadi da biro.

Kafin ka biya, nemi sakin layin farko a matsayin ɗanɗano, ku kuma yi magana kan sau nawa zai gyara. Miƙa wa abokin aikin da bai san binciken ba, ba shi minti uku, ka karɓe takardar, ka tambaye shi me ake so Babban Sakatare ya yi. In ya tsaya inda-inda, mayar wa edita.