Wasiƙa daga Kuala Lumpur: wane wata za ku zo?

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kowa lafiya, ya ƙarfin jikin Hajiya? Na ga saƙonka cewa kuna son zuwa a Disamba saboda hutun yara, har da shirin a kai su tsibiran jihar Terengganu, a gabar gabashin Malesiya. Kafin ka biya kuɗin jirgi, bari mu duba jadawalin yanayi tare, don ni ma sai da ruwa ya ba ni kashi na koyi karanta shi.

Jadawalin zane ne mai watanni 12 a jere. Layin da ke sama na zafi ne, kuma a Malesiya ba sai ka tsaya kansa ba: da rana maki 32 zuwa 33, da dare wajen 24, daga Janairu har Disamba. Babu hunturu, babu bazara irin tamu. Zancen duka yana kan sandunan ƙasa, masu nuna ruwan kowane wata da milimita.

Kada tsawon sanda ya ruɗe ka, ka duba lambobin gefe. Jadawalin Kano yakan ƙare wajen 300 ko 350, domin Agusta ne ƙololuwarmu. Na gabar gabashin Malesiya kuwa sai an kai shi sama da 600, don haka sandar da ka ga ta durƙushe a can tana iya kai ruwan Yunin Kano. Ko a nan Kuala Lumpur, watan da ya fi ƙarancin ruwa, wato Yuni, yana samun fiye da milimita 100, shekara kuma ta haura 2,000. Abin da suke kira rani ke nan.

Sai ka nemi adadin ranakun ruwa, yawanci a ƙasan zanen. Nuwamba a garin nan yakan kai kwana 20, amma ruwan la'asar ne: hadari ya haɗu bayan azahar, a sheƙa da tsawa na awa ɗaya ko biyu, gari ya washe. Wanda ya fita da sassafe ya gama harkarsa. Kuma gaskiya garin ya shirya wa ruwa fiye da namu. Daga jirgin ƙasa zuwa manyan kantuna akwai hanyoyin ƙafa masu rufi, har da ramin SMART da aka buɗe a 2007 don janye ambaliya daga tsakiyar gari. Sai dai da zarar an fara yayyafi, kuɗin motar hayar da ake kira ta waya ya yi tsalle, kamar 'yan adaidaita ranar ruwa.

Terengganu ba haka take ba. Daga Nuwamba iskar arewa maso gabas ke kwaso ruwa daga teku, a kwana a wuni ana yi, sandunan Nuwamba da Disamba su zarce 500. Teku ya yi fushi, yawancin masaukan tsibiran Redang da Perhentian su rufe sai wajen Maris. Idan ka ga ɗaki ya yi araha a wannan lokacin, to araha ce da ba ta ado. A Disamba kuwa Langkawi, tsibirin da ke gabar yamma, ta shiga raninta. Nata ruwan a Satumba da Oktoba yake. Shi ya sa ba a neman jadawalin ƙasar baki ɗaya, na garin da za ka kwana ake nema.

Akwai abin da zanen ke ɓoyewa. Matsakaicin shekara 30 ne, irin 1991 zuwa 2020, ba alkawari ba. A Disamban 2021 ruwan kwana biyu ya shanye unguwanni a Shah Alam, kusa da Kuala Lumpur. Kuma watanni masu sauƙin ruwa su ne na hayaƙin gobarar daji daga Indonesiya, wanda ya sa aka rufe makarantu a Satumban 2019. Da ƙirjin Hajiya, Agusta da Satumba ba nata ba ne.

Ni dai shawarata ƙarshen Yuni zuwa Yuli: ruwa da sauƙi a nan, tsibiran a buɗe, ga lokacin duriyan, 'ya'yan itacen nan mai warin da na ba ka labari. In kuma dole sai Disamba, mu ajiye Terengganu mu tafi Langkawi.

Lema kada ku ɗauko, tana kowane shago. Shadda mai kauri ma a rage, laimar iska na kaiwa kashi 80 cikin 100, wanki ba ya bushewa a igiya sai an kai injin busarwa na unguwa. Takalmin fatar da ka aiko mini daga Kurmi ya yi funfuna a cikin durowa. Kilishi kuwa kada Hajiya ta wahalar da kanta, nama na iya tsaya muku a filin jirgi; yaji da kuka sun ishe ni. A gaida yara.